Yadda Ake Amsa Tambayar Matsala a Jarrabawar Karatun Lauya

Tambayoyin jarrabawar karatun lauya kashi biyu ne. Akwai wadda za a ce ka tattauna wata ƙa'ida, ka faɗi asalinta da sukar da ake yi mata. Akwai kuma wadda za a ba ka ɗan gajeren labari, wane ya yi kaza, wance ta ce kaza, a ƙarshe a ce ka ba ɗaya daga cikinsu shawara. Wannan ta biyun ita ce tambayar matsala, kuma ita ce ta fi kayar da ɗalibin da ya yi karatu da gaske. Ya haddace shari'o'i, ya san shekarunsu, ya cika shafi huɗu, amma maki ya fito kaɗan. Dalili shi ne ya rubuta abin da ya sani game da doka, alhali abin da aka tambaye shi shi ne me dokar za ta yi wa mutanen da ke cikin labarin.

Tsarin da aka saba koyarwa, wanda ɗalibai ke kira IRAC, matakai huɗu ne: ka fito da batun da ake jayayya a kai, ka kawo ƙa'idar da ke hukunta shi, ka ɗora ƙa'idar a kan abin da ya faru, sannan ka faɗi matsayarka. Jera su ba wuya. Aiki da su a cikin minti 45 shi ne abin koyo, don haka za mu ɗauki tambaya guda mu bi ta tun daga karantawa har zuwa ajiye biro. Na zaɓo ta daga dokar yarjejeniya, ɓangaren tayi da amincewa, kuma hukunce-hukuncen da zan kawo na kotunan Ingila ne, waɗanda ake karantarwa a ƙasashen da suka gaji tsarin shari'arta.

Ga tambayar

Mai Mota da Direba ba gari ɗaya suke ba. Ranar Litinin Mai Mota ta aika wa Direba wasiƙa ta gidan waya: "Zan sayar maka da motata a kan dubu 900. Tayin yana nan har ranar Juma'a ƙarfe 5 na yamma. Ka sanar da ni kafin lokacin." Wasiƙar ta isa ranar Talata. A ranar Direba ya tura mata saƙon tes: "Za ki yarda in biya rabi yanzu, rabi ƙarshen wata?" Ba ta ba shi amsa ba. Ranar Laraba da safe ta sayar wa Maƙwabcinta motar a kan dubu 950, da azahar kuma ta saka wasiƙar janye tayi a gidan waya. Ranar Alhamis ƙarfe 9 na safe Direba ya saka tasa wasiƙar, yana cewa ya amince da dubu 900, zai biya gaba ɗaya. Ƙarfe 4 na yammacin ranar, Makanikin da ke gyara wa Mai Mota motar ya gaya wa Direba an riga an sayar. Wasiƙar janyewa ta iso wa Direba ranar Juma'a da safe. Wasiƙar amincewa ta isa wurin Mai Mota ranar Asabar. Ka ba Direba shawara.

Mataki na ɗaya: fara karatu daga layin ƙarshe

Kafin ka karanta labarin, duba umarnin da ke ƙarshensa. An ce ka ba Direba shawara, saboda haka tambayarka ita ce ko yana da yarjejeniya da Mai Mota, in kuma yana da ita, me zai samu. Haƙƙin Maƙwabci zai shigo ne kawai gwargwadon yadda ya shafi Direba. Ba da shawara kuma ba ya nufin ka zama mai kare shi ido rufe. Lauyan da ya ɓoye wa wanda yake wa aiki raunin ƙararsa ya cuce shi, kuma mai duba takarda yana neman ya ga ka hango hujjar ɗaya ɓangaren.

Mataki na biyu: jera abin da ya faru bisa lokaci

Karanta labarin sau biyu, na biyun da biro a hannu. Wanda ya rubuta tambayar malami ne da ya zauna ya zaɓi kowace jimla, don haka duk wata rana, sa'a, adadi ko maganar da aka sa cikin alamar zance, ka ɗauka tana da aiki har sai ka tabbatar ba ta da shi. Me ya sa aka ce ba gari ɗaya suke ba? Me ya sa Makanikin na Mai Mota ne, ba wani mai wucewa ba? Me ya sa aka faɗi ƙarfe 9 da ƙarfe 4? Kowanne ƙugiya ce da aka rataya ƙa'ida a jikinta.

A gefen takarda ka jera su, kuma ga kowace wasiƙa ka rubuta lokaci biyu, na aikawa da na isa:

Litinin: an aika tayi. Talata: ya isa, Direba ya yi tambaya, shiru. Laraba da safe: an sayar wa Maƙwabci. Laraba da azahar: an aika janyewa. Alhamis ƙarfe 9: an aika amincewa. Alhamis ƙarfe 4: Makaniki ya ba da labari. Juma'a da safe: janyewa ta isa. Juma'a ƙarfe 5: wa'adi ya cika. Asabar: amincewa ta isa.

Da ka kalli wannan jeri za ka ga tambayar ta tsuke. Tsere ne tsakanin amincewa da janyewa. Idan amincewa ta fara aiki ranar Alhamis ƙarfe 9, ta riga komai. Idan sai ranar Asabar, komai ya riga ta. Wanda bai zana jerin ba yakan gane haka ne a shafi na uku, lokacin da ba sauran damar gyara.

Mataki na uku: mayar da labarin ya zama tambayoyi

Batu a nan tambaya ce ƙarama da za a iya amsawa da i ko a'a, kuma tana ɗauke da mutanen labarin. "Tayi da amincewa" sunan darasi ne, ba ya kai ka ko'ina. "Shin saƙon Direba na ranar Talata ya kashe tayin?" shi ne batu. A wannan labari batutuwan su ne: ko wasiƙar Litinin tayi ce, ko saƙon Talata ya kashe ta, ko Mai Mota tana da ikon janyewa kafin Juma'a, yaushe janyewar ta fara aiki, yaushe amincewar ta fara aiki, sai kuma abin da Direba zai samu.

Ba nauyinsu ɗaya ba, kuma nan ne ake gane wanda ya iya. Na farko ba jayayya a cikinsa: akwai mota sananniya, akwai farashi, akwai "zan sayar maka", an kuma aika wa mutum ɗaya takamaimai. Jimla biyu sun ishe shi. Ɗalibai da yawa a nan suke zubar da minti goma suna bayanin tallar jarida da kayan da aka jera a kanti, abin da ba ya cikin labarin ko kaɗan. Ka tanadi tawadarka don batu na biyu da na biyar, inda ake iya jan hujja ta kowane gefe.

Kowane batu yana da nasa zagayen: tambaya, ƙa'ida, ɗorawa, matsaya. Kada ka tara dukkan ƙa'idoji a shafi ɗaya sannan ka tara ɗorawa a wani shafi. Idan ka yi haka, mai dubawa ne zai riƙa haɗa maka wace ƙa'ida ke tafiya da wane lamari, kuma ba ya ba da maki a kan aikin da shi ya yi.

Mataki na huɗu: faɗi ƙa'ida a taƙaice, da madogararta

Ƙa'ida jimla ɗaya ce ko biyu, sai sunan shari'ar ko sashen dokar da ta fito daga ciki. Labarin shari'ar ba ka kawo shi sai in za ka gwada shi da labarin da ke gabanka. Ɗauki batu na uku. A tsarin Ingila mai tayi yana iya janyewa kowane lokaci kafin a amince, ko da ya yi alkawarin jira, muddin ba a ba shi wani abu a madadin jiran ba. Madogara ita ce shari'ar Routledge da Grant ta 1828, inda mai tayin ya ba da mako shida ya kuma janye kafin su cika. Ɗorawa: Direba bai biya komai ba, bai yi alkawarin komai ba don a riƙe masa tayin, saboda haka maganar "har ranar Juma'a" ba ta ɗaure Mai Mota ba. Shi ke nan, ka wuce.

Ka dai tabbatar ƙa'idar ta ƙasar da ake karantar da kai ce. A dokar Jamus, misali, wanda ya yi tayi a ɗaure yake da shi sai in ya cire kansa tun farko, don haka wannan batun zai juye gaba ɗaya. Idan kuma akwai dokar majalisa a kan batun, da ita za ka fara, hukuncin kotu ya biyo baya a matsayin fassararta.

Idan sunan shari'a ya ɓace maka a zauren jarrabawa, rubuta ƙa'idar daidai, ka siffanta shari'ar da abin da ya faru a cikinta. Kada ka ƙirƙiri suna ko shekara. Kuskuren suna yana sa mai dubawa ya fara shakkar sauran abin da ka rubuta.

Mataki na biyar: ɗorawa, inda makin yake

Ga yadda amsa mai rauni take kama a batu na biyu:

"Tayin martani yana kashe tayin farko, kamar yadda aka yanke a shari'ar Hyde da Wrench. Amma neman bayani ba ya kashe shi, kamar a shari'ar Stevenson da McLean. Saboda haka saƙon Direba neman bayani ne."

Babu ƙarya a ciki. Amma duba "saboda haka" ɗin nan: ba abin da ke riƙe da shi. An yi tsalle daga ƙa'ida zuwa matsaya, ba a taɓa ko kalma ɗaya daga saƙon Direba ba. Ga yadda ya kamata:

"A shari'ar Hyde da Wrench ta 1840 an yi tayin gona a kan fam 1,000, mai saye ya ce zai ba da fam 950, aka ƙi, ya dawo ya ce ya yarda da 1,000. Kotu ta ce tayin farko ya riga ya mutu. Mai Mota za ta ce haka Direba ya yi, tunda tayinta bai ambaci biya kashi-kashi ba, kuma lokacin biyan kuɗi sharaɗi ne mai nauyi a ciniki. Sai dai saƙon nasa tambaya ce, 'Za ki yarda', bai taɓa farashin dubu 900 ba, bai kuma ce sai da wannan sharaɗi zai saya ba. Wannan ya fi kusa da shari'ar Stevenson da McLean ta 1880, inda mai sayen ƙarfe ya buga wayar tangarahu yana tambaya ko za a yarda a raba cinikin a tsawon wata biyu, kotu ta ce tambaya ce kawai, tayin yana nan. Mai hankali da ya karanta saƙon Direba zai fahimci yana gwada ko akwai sauƙi ne, bai ƙi tayin ba. Mafi rinjaye, tayin ya rayu bayan ranar Talata. Shirun Mai Mota kuma bai zama yarda da biya kashi biyu ba."

Bambancin a fili yake. An ɗauko kalmomin saƙon, an faɗi hujjar Mai Mota kafin a rushe ta, an nuna inda labarin ya yi kama da wata shari'a da inda ya saɓa wa wata. A nan labarin tsofaffin shari'o'in ya cancanci wurinsa, domin da shi ake awo.

Yanzu batu na huɗu, janyewa. Tarkon farko shi ne cinikin ranar Laraba. Zuciya takan ce ai mota ta riga ta tafi, me ya rage a amince da shi? Doka ba ta kallon abin haka. Sayar wa wani ba ya janye tayi da kansa, sai labari ya kai ga wanda aka yi wa tayin. Mutum yana iya ɗaure kansa da mutum biyu a kan mota ɗaya, ya ba ɗaya mota, ya biya ɗaya diyya.

Tarko na biyu wasiƙar Laraba ce. Janyewa ba ta aiki daga lokacin aikawa, sai ta isa. Madogara ita ce shari'ar Byrne da Van Tienhoven ta 1880. 'Yan kasuwa a Cardiff sun aika tayi zuwa New York ranar 1 ga Oktoba, suka aika janyewa ranar 8. Tayin ya isa ranar 11, aka amince nan take ta wayar tangarahu, janyewar ba ta iso ba sai ranar 20. Kotu ta ce yarjejeniya ta ƙullu. A labarinmu wasiƙar janyewa ta fara aiki ne ranar Juma'a da safe.

Saura Makaniki. A shari'ar Dickinson da Dodds ta 1876 an yi tayin gida a kan fam 800 har safiyar Juma'a, ranar Alhamis wani mutum na uku ya gaya wa mai saye cewa mai gidan yana ƙulla ciniki da wani, kotu ta ce bayan wannan labari ba shi da sauran abin amincewa. Abin da ake ɗauka daga nan shi ne labari daga majiyar da za a iya dogara da ita ya isa ya kashe tayi. Makanikin shi ke gyara motar, yana da hanyar sanin gaskiya, kuma abin da ya faɗa ba jita-jita ba ce, cewa ya yi an sayar. Don haka lokaci mafi kusa da za a ce tayin ya mutu shi ne Alhamis ƙarfe 4 na yamma. Riƙe wannan sa'ar, da ita za ka shiga batu na gaba.

Inda tambayar ta fi zurfi

Asalin ƙa'ida ita ce amincewa ba ta aiki sai ta isa ga mai tayi. Ƙa'idar gidan waya togiya ce a kanta: idan aika amsa ta wasiƙa abu ne da ya dace da yanayin, amincewa tana aiki daga lokacin da aka saka wasiƙar. Tushenta shari'ar Adams da Lindsell ta 1818, a kan cinikin ulu, kuma a shari'ar Household Fire Insurance da Grant ta 1879 an yi aiki da ita duk da wasiƙar ba ta taɓa isa ba. Ɗalibi mai sauri zai ce to, Alhamis ƙarfe 9 ta riga ƙarfe 4, Direba ya ci. Zai samu wani abu, amma ya tsallake tambayoyi biyu da malamin ya binne a labarin.

Ta farko: ya dace Direba ya amsa da wasiƙa? Shari'ar Henthorn da Fraser ta 1892 ta ce ana duba ko bisa al'adar mu'amala ɓangarorin za su yi tsammanin a yi amfani da gidan waya. Mai Mota da wasiƙa ta fara, kuma garuruwansu daban, wannan yana tare da Direba. Amma yana da lambarta, ya ma tura mata tes ranar Talata, ya kuma san wa'adi gobe ne. Za ta ce wanda ke da hanya mai sauri a hannu ba shi da dalilin zaɓar mai jinkiri ana saura kwana ɗaya. Za a mayar mata da cewa saƙon da ya tura ta wannan hanya ba ta amsa ba, kuma wasiƙarta ta farko kwana ɗaya ta yi a hanya, don haka ba wauta ba ce ya yi zaton tasa za ta isa ranar Juma'a. A ganina Direba ya fi ƙarfi a nan.

Ta biyu ta fi wuya. Mai tayi yana iya kawar da ƙa'idar gidan waya da kalmomin tayinsa. A shari'ar Holwell Securities da Hughes ta 1974 an sharɗanta a amince ta hanyar sanarwa a rubuce ga mai gidan cikin wata shida. An aika wasiƙa ta ɓace, kotun ɗaukaka ƙara ta ce sanarwa tana nufin abin ya kai gare shi, saka wasiƙa a akwati bai wadatar ba. To ga Mai Mota ta rubuta: "Ka sanar da ni kafin lokacin." Za ta ce ba a sanar da mutum abin da bai ji ba, kuma ta sa rana da sa'a ne domin ta san matsayinta a wannan sa'ar. Hujja ce mai kyau ƙwarai. Direba zai ce waccan magana tana cikin takardar yarjejeniya ce da aka tsara a kan gida, wannan kuwa wasiƙa ce tsakanin mutum biyu, kuma "ka sanar da ni" magana ce ta yau da kullum da ke nufin ka ba ni amsa, ba ta ce sai amsar ta shiga hannunta ba.

Wa ya fi gaskiya? A nan masu duba takarda ba sa neman amsa guda. Suna neman ka ga cewa hanya ta rabu biyu, ka zaɓi ɗaya da dalili, ka kuma bi ɗayar har ƙarshenta. Ni zan karkata ga cewa haɗuwar "sanar da ni" da sa'a takamaimiya tana ba Mai Mota hujja mai ƙarfin da Direba bai kamata ya raina ba, kuma a nan ƙararsa za ta tsaya ko ta faɗi. Wani zai karkata ɗaya gefen ya ci maki daidai da nawa, in ya kafa dalilinsa a kan kalmomin wasiƙar. Wanda zai yi asara shi ne wanda bai ga jimlar ba sam, da wanda ya gan ta ya ce "kotu ce za ta yanke" ya tsaya nan.

Mataki na shida: matsaya mai rassa

Rubuta ta kamar Direba yana zaune gabanka yana jiran ya ji ko ya shigar da ƙara:

"Idan ƙa'idar gidan waya ta yi aiki, yarjejeniya ta ƙullu ranar Alhamis ƙarfe 9 na safe, sa'a bakwai kafin labarin Makaniki, kwana ɗaya kafin wasiƙar janyewa, kuma Mai Mota ta saɓa ta. Idan kalmomin tayin sun kawar da ƙa'idar, amincewar ba ta yi aiki ba sai ranar Asabar, bayan tayin ya mutu ta hanya uku: labarin Makaniki, wasiƙar janyewa, da cikar wa'adi. A wannan hali Direba ba shi da komai."

Kada ka manta da abin da zai samu, domin mutum ba ya zuwa wurin lauya don a gaya masa yana da gaskiya kawai. Da wuya kotu ta ba da umarnin a miƙa masa motar, tunda mota ce irin wadda ake samu a kasuwa, kuma ta riga ta shiga hannun wani. Diyya zai nema, kuma ma'auninta bambancin da ke tsakanin farashin yarjejeniya da farashin kasuwa. Labarin bai faɗi farashin kasuwa ba, amma cinikin Maƙwabci a kan dubu 950 alama ce, wadda ke nuna diyyar za ta kai wajen dubu 50. Ka faɗa masa ya auna wannan da kuɗin shari'a da kuma rashin tabbas ɗin da ke batu na biyar.

Ka lura da yadda aka yi da farashin kasuwar. Idan labari ya bar giɓi, ka nuna giɓin, ka faɗi yadda amsa za ta canza in an cike shi. Abin da ba a yarda ba shi ne ka cike shi da kanka, ka ce wataƙila Direba ya kira ta a waya ranar Alhamis, sannan ka gina shafi guda a kan kiran da ba a yi ba. Haka kuma kada ka yi musu da labarin. In an ce wasiƙa ta isa Asabar, ta isa Asabar.

Rabon lokaci da duba aiki

Idan minti 45 ne ga tambaya, ina ba da shawarar goma na farko su tafi a karatu da jerin lokaci da fitar da batutuwa, talatin a rubutu, biyar a dubawa. Za ka ga na kusa da kai ya fara rubutu tun minti na biyu, kada hakan ya tsorata ka. A cikin talatin ɗin, batu na biyar shi kaɗai ya cancanci kusan kashi ɗaya cikin uku. Gabatarwa ba ta wuce jimla biyu ba: abin da Direba ke bukatar ya tabbatar, da batutuwan da za ka bi. Kada ka sake ba da labarin, wanda zai duba takardarka shi ne ya rubuta shi. Idan lokaci ya ƙure, gara ka taɓa sauran batutuwan da jimla bibbiyu, ƙa'ida da ɗorawa, da ka ƙawata ɗaya ka bar biyu babu komai, domin yawanci kowane batu da makinsa a takardar mai dubawa.

Lokacin atisaye a gida akwai gwajin da ke nuna maka matsayinka ba tare da malami ba. Bayan ka gama amsa, ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ta ambaci wani mutum, rana, adadi ko magana daga cikin labarin. Idan ka ga rabin shafi ya wuce babu layi, a wurin ka koma rubutun darasi, sai ka rage shi. Sannan ka koma kan tambayar kanta, ka soke duk wani bayani da ka yi amfani da shi. Abin da ya rage ba a soke ba, ko dai batu ne da ka tsallake, ko kuma abin da malami ya sa don ya ɗauke maka hankali, kuma dole ka iya faɗin wanne ne.

Daga nan sai ka canza abu ɗaya a labarin ka sake amsawa da baki. Mayar da labarin Makaniki ya zama ƙarfe 8 na safiyar Alhamis: yanzu in an yarda da labarin, tayin ya mutu kafin Direba ya je gidan waya, duk muhawarar ƙa'idar wasiƙa ta zama ba ta da amfani, nauyin tambayar ya koma kan ko Makaniki majiya ce abin dogaro. Sa Direba ya biya dubu 5 don a riƙe masa tayin: yanzu Mai Mota ba ta da ikon janyewa kafin Juma'a, amma cikar wa'adi tana nan tana jiransa in wasiƙarsa sai Asabar ta yi aiki. Mayar da amincewarsa ta zama kiran waya maimakon wasiƙa: ƙa'idar gidan waya ta fita, ka koma kan shari'ar Entores ta 1955, wadda ta ce a hanyoyin sadarwa na nan take sai saƙo ya isa, kuma idan ta ɗauki wayar ƙarfe 9 ta ji shi, yarjejeniya ta ƙullu a lokacin ko da wace fassara aka yi wa "ka sanar da ni".